Farashin tiya a Kasuwar Dole: yadda ake sa wasu su jingina da shafinka ba tare da ka sayi mahaɗi ba

Duk mai sit a intanet, ko na ƙungiyar manoma ne, ko na ɗan kamfanin dillancin hatsi, ko na jarida, in ya daɗe zai sami saƙo daga wanda bai sani ba yana cewa zai kawo masa mahaɗai 500 daga wasu shafuka a kan jika goma ko ashirin. Abin da ake tallatawa shi ne mahaɗin da ke tasowa daga shafin wani ya faɗo a naka, wanda masu sana'ar ke kira bakilink. Dalilin da ya sa yake da kasuwa tsoho ne. Tun 1998, da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kan lissafin PageRank mai jera shafuka a sakamakon bincike, ana ɗaukar mahaɗi a matsayin shaida: in shafi mai mutunci ya nuno ka, alama ce akwai abin da ya gani a wurinka. Mutane suka gane haka suka shiga ƙirƙirar shaidar zur, Google kuma ya bi su. A watan Afrilun 2012 ya fito da Penguin, wanda ya kayar da shafuka masu tarin mahaɗan bogi, a Disambar 2022 kuma ya sanar da cewa tsarinsa na SpamBrain yana gano mahaɗan saye yana soke darajarsu. Saboda haka abin da ya fi samun mai saye a yau shi ne kuɗinsa su tafi a banza, wani lokacin kuma har da hukunci a kai.

Hanyar da ta rage ita ce ka sa wani ya buƙaci ambatonka. Ɗan jarida ba ya sa mahaɗi don ya faranta maka rai. Yana sa shi ne in ya rubuta wata magana da yake tsoron a ce masa “wa ya faɗa?”, ya kuma sami wurin da zai nuna. Aikin gaba ɗaya shi ne ka zama wurin nan. A Damagaram wannan ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato, domin abubuwa da yawa da kowa ya sani a baki ba wanda ya rubuta su a shafin da za a iya nunawa. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: wata ƙungiyar manoma mai ɗan sit, da take so a riƙa samun ta in an nemi farashin hatsi. Duk alƙaluman da za su biyo baya na kwatance ne, ba farashin wata rana ba.

Tattara alƙaluman da ba kowa ke da su ba

Tambayar farko ita ce me za ka kawo wanda babu shi. Hukumar SIMA tana bin farashin kayan gona a kasuwannin Nijar tana fitar da rahoto, don haka kwafo teburinta ka liƙa a sit ɗinka ba zai ba ka komai ba. Mai rubutu zai tsallake ka ya nuna asalin, kuma daidai ya yi. Gurbin da ke akwai ya fi wannan ƙanƙanta: farashin tiya kamar yadda mai saye ke biya da hannunsa, kowane mako, a kasuwanni biyu ko uku da za ka iya zuwa da ƙafarka, a rubuce da Hausa da Faransanci, tare da tarihin makonnin baya a wuri guda.

A ce an zaɓi kaya huɗu, hatsi da dawa da wake da masara, da kasuwanni uku: Dole ranar Alhamis, Mirya ranar Lahadi, da wata ta uku da ƙungiyar ke da mutum a can. Ƙa'idar da za ta riƙe aikin ita ce a yi abu ɗaya kullum. Rana ɗaya a mako, kusan sa'a ɗaya, domin farashin hantsi da na la'asar ba su cika zama ɗaya ba. Ƴan kasuwa biyar ga kowane kaya, ba waɗanda ke jere a rumfa guda ba. Kuma farashin da za a rubuta shi ne wanda aka sallama, ba wanda aka fara yi wa baƙo ba.

In an samo biyar ɗin, kada a haɗa a raba. A ɗauki na tsakiya. Misali tiyar hatsi ta zo 675, 700, 700, 725 da 850 na sefa. In ka haɗa ka raba biyar za ka sami 730, farashin da ba wanda ya sayar a kansa, kuma mutum ɗaya mai 850 ne ya ja shi sama, wataƙila don hatsinsa sabon bugu ne ko don ya ga mai tambayar da takarda a hannu. Na tsakiya 700 ne, shi ne kuwa abin da mai cefane zai tarar. A Google Sheets ko Excel ana samun sa da wannan, na biyun ga mai Excel na Faransanci:

```
=MEDIAN(B2:B6)
=MEDIANE(B2:B6)
```

Akwai kurakurai biyu da ke kashe irin wannan tebur, dukkansu na gida ne. Na farko lissafin dala. Ɗan kasuwa zai ce “ɗari da arba'in”, yana nufin dala 140, wato sefa 700. In mai tattarawa ɗaya yana rubuta dala, ɗaya yana rubuta sefa, za ka wayi gari teburinka na cewa hatsi ya fi araha sau biyar a wata kasuwa. Maganinsa a yanke tun farko cewa sefa ake rubutawa, a kuma sa wa teburin alamar da za ta ja ido in wani adadi ya kauce wa na makon jiya da fiye da kashi 20 cikin ɗari, a sake tambaya kafin a buga.

Na biyu ita kanta tiyar. An saba ɗaukar tiyar hatsi kilo 2.5, buhun kilo 100 kuma tiya 40, amma kwanon awo ya bambanta, tozon da ake yi masa ma ya bambanta, nauyin wake kuma ba na hatsi ba ne. In tiya 700 ce kuma kilo 2.5, kilo ya kama 280, buhu jika 28. In tiyar wata kasuwa ta kai kilo 2.7, kilo ya koma wajen 259. Bambancin ya haura kashi 7 cikin ɗari, alhali farashin bai motsa ba. Don haka a sayi ɗan sikeli, a auna tiyar kowace kasuwa ga kowane kaya, a rubuta nauyin a fili. Wannan ɗan layin, “mun auna tiyar wannan kasuwa ta ba da kilo kaza”, shi ne yakan sa malamin jami'a ko ma'aikacin furoje ya yarda da sauran alƙaluman. Ba shi ba, zai ɗauke su zancen bakin kasuwa.

Kada a yi gaggawar bugawa. Farashin mako guda labari ne da ke mutuwa kafin Alhamis ta zagayo. Na mako 12, kaya huɗu a kasuwa uku, layi 144 ke nan, kuma a cikinsu ne ake fara ganin abin faɗa: wace kasuwa ke fara tashi, nawa ne tazarar gari da ƙauye, yaya wake ke yi in masu saye daga Najeriya suka shigo. In aka kai shekara, aka kama faɗuwar kaka da tashin bazara zuwa tsakiyar damina, to an mallaki abin da sai an jira shekara kafin wani ya yi irinsa.

Shafin da za a iya nunawa

A nan ne aiki mai kyau ya fi lalacewa. An sha wahalar tattarawa, sai a zana teburin a hoto a watsa a WhatsApp da Facebook. Hoton zai yi yawo har Maradi da Kano, kowa ya amfana, sit ɗin kuwa bai sami komai ba, domin injin bincike ba ya shiga hirar WhatsApp, hoton kuma ba ya ɗauke da hanyar komawa gida. A watsa hoton, ba laifi, amma a rubuta adireshin shafin a jikinsa, kuma ainihin teburin ya zauna a shafi a matsayin rubutu da za a iya kwafa.

Adireshin ya zama guda ɗaya da ba ya canjawa, kamar `/farashin-hatsi`, a riƙa sabunta shi. Masu buɗe sabon shafi kowane mako suna raba ƴan mahaɗan da suka samu gida hamsin, kowane shafi kuma ya tsufa cikin kwana bakwai. In dole ta sa aka sauya adireshi, a sa juyawa ta dindindin, wato 301, daga tsohon zuwa sabon, in ba haka ba duk wanda ya nuno ka zai riƙa tura mutane ga 404, wato saƙon cewa babu shafin, kuma edita da ya ga haka cire mahaɗin yake yi. Haka nan ranar sabunta rijistar sunan sit: a rubuta ta inda ba za a manta ba, domin in sunan ya kuɓuce, mahaɗan shekaru sun tafi da shi.

A saman shafin a sa jimla biyu ko uku da ke faɗin abin da aka gani, da kwanan wata, yadda ɗan jarida zai iya ɗauka kai tsaye. Sai teburin, sai zanen hawa da sauka, sai bayanin yadda aka tattara, har da inda aikin ya gaza: makon da ba a je ba a bar shi fanko a faɗi dalili, kada a cike da ƙiyasi. A ajiye fayil na CSV, wato teburin da za a iya saukewa a buɗe a Excel, ga mai son ya yi nasa lissafin. Sunayen ƴan kasuwar da lambobinsu ba su da wuri a shafin. Sannan a rubuta cewa an yarda kowa ya yi amfani da alƙaluman in ya faɗi inda ya samo su. A roƙi mahaɗi, amma kada a gindaya sharaɗin cewa sai an sa shi da wasu kalmomi da ka zaɓa, domin tilasta mahaɗi ta hanyar sharaɗi yana cikin abin da ƙa'idojin Google suka hana.

Kayan aiki na kyauta daga wannan teburin yake fitowa, ba sai an ƙirƙiro wani abu dabam ba. Ɗan akwatin lissafi ne: mutum ya sa farashin tiya, ya zaɓi dala ko sefa, ya fito masa da na kilo da na buhu, in yana so har da naira. Wajen naira a bar mutum ya rubuta canjin ranar da kansa. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa tana yawo, kuma abin da ƴan canji ke bayarwa a kan iyaka ba lalle ya zama na banki ba, don haka duk adadin da ka kafe a ciki zai zama ƙarya cikin ƴan kwanaki. Akwatin ya buɗe a ƙaramar salula da rezo mai rauni, ba rijista, ba neman lambar waya. Idan wani sit ya nemi ya ɗora akwatin a nasa shafin, a ba shi, amma mahaɗin da ke ƙasansa ya zama sunan ƙungiyar kawai a bayyane, kuma mai shafin ya iya cire shi ko ya sa masa `nofollow`, alamar da ke ce wa Google kada ya ɗauki mahaɗin a matsayin shaida. Cusa mahaɗi mai kalmomin talla a cikin irin wannan akwati dabara ce da Google ya ambata da sunanta a cikin abubuwan da ya hana.

Wa za a tuntuɓa, da me za a ce masa

Shafi mai kyau ba ya kiran kowa da kansa, sai an kai shi. Amma ba kowa ake kai wa ba. Wanda ake nema shi ne wanda ya riga ya rubuta a kan batun kuma akwai gurbi a rubutunsa. Ana samun su da bincike irin wannan:

```
"prix du mil" Zinder
"farashin hatsi" Damagaram
site:.ne "prix des céréales"
```

Daga sakamakon a fitar da jeri na kamar mutum 25 ko 30, kowanne da adireshin shafin da ya rubuta da abin da ya rasa. Za a ga ƴan jaridar da ke rubuta labarin tsadar abinci da “wani ɗan kasuwa ya shaida mana”, da gidajen rediyon da ke da sit, da shafukan ƙungiyoyin manoma irin su RECA da ke tara takardun amfani ga manoma, da malamai da ɗaliban Jami'ar André Salifou masu aiki a kan tattalin arzikin karkara, da ƙungiyoyin agaji masu rahoton halin abinci. Ba wanda ya ɗauki alkawarin zai nuno ka a cikinsu, kowane gida da ƙa'idarsa. Abin dubawa kafin a sa sit a jerin shi ne ko mutane na gaske ne ke rubuta shi suna karanta shi. In ka ga sit yana buga labarin caca yau, gobe maganin ƙarfi, jibi inshorar mota a wata ƙasa, kowanne da mahaɗi a ciki, kasuwar mahaɗai ce, a wuce ta ko da kyauta ta bayar. Makin da kamfanoni irin su Moz da Ahrefs ke ba shafuka ƙiyasinsu ne, ba na Google ba, kuma ana iya kumbura shi. Ƙaramin sit na aikin gona da ake karantawa a Nijar ya fi maka babban sit mai maki da bai san hatsi ba.

Saƙon ya zama gajere, na mutum ɗaya, ya nuna an karanta aikinsa. Ga fasalinsa:

“Malam, barka da aiki. Na karanta rahotonka na makon jiya a kan tashin farashin hatsi, inda ka kawo farashin buhu a Yamai. Ƙungiyarmu tana auna farashin tiya kowane mako a Dole da Mirya tun wata uku. A wannan lokacin tiyar hatsi a Dole ta tashi daga kaza zuwa kaza. Teburin da yadda muke aunawa suna wannan adireshi. In zai yi maka amfani a rahoto na gaba, ka ɗauka, sai dai a nuna inda ya fito. In kana son alƙaluman wata kasuwa a ware, zan turo maka.”

Abin lura shi ne adadin yana cikin saƙon, ba a ce “shiga ka gani” ba, kuma ba a buɗe da roƙon mahaɗi ba. Ga mai aiki da Faransanci a rubuta masa da Faransanci a tura shi shafin Faransancin. A nan garin kuma imel kaɗai ba ya cika isa. Sau da yawa sai an haɗa da kiran waya ko an taka an gaisa a ofis, wannan kuwa ba aibu ba ne. Aibun yana farawa ne in gaisuwar ta zo da ambulan. Kuɗin mai da aka ba ɗan jarida don ya sa mahaɗi saye ne, kome sunan da aka ba shi, haka ma buhun hatsi. In talla ka biya, halal ne, amma a faɗa wa mai karatu talla ce, mahaɗin kuma ya ɗauki alamarsa:

```html
<a href="https://example.com/farashin-hatsi" rel="sponsored">farashin hatsi</a>
```

In ba a amsa ba, a tuna masa sau ɗaya bayan mako guda, da sabon adadi in akwai, daga nan a ƙyale shi. Yawancin jerin ba za su amsa ba, kuma wannan ba alamar aikin ya lalace ba ne. Lokaci ma yana da tasiri: saƙon da ya iso ana tsakiyar maganar tsadar abinci, ko gab da azumi, ya fi samun kunne fiye da wanda ya zo ana tsakar kaka kowa ya ƙoshi.

Mahaɗi mafi sauƙin samu shi ne na wanda ya riga ya ambace ka bai sa ba. Jarida ta rubuta “a cewar ƙungiyar kaza” ta tsaya nan. A nemi sunan ƙungiyar a Google cikin alamar zance kowane wata, a gode wa marubucin, a ba shi adireshin a ce zai taimaki mai karatu ya ga teburin. Shi kuwa “ka nuno ni in nuno ka”, in tsakanin shafuka biyu ne masu alaƙa ta gaskiya ba komai, amma in ya zama adashi na shafuka ashirin kowa na nuna kowa, sawun a bayyane yake.

Yadda za a san ko ya yi aiki

A Google Search Console, kayan aikin da Google ke ba masu sit don su ga halin sit ɗinsu a bincike, akwai sashen `Links`, ko `Liens` ga mai Faransanci, da ke nuna sit-sit ɗin da suka nuno ka da shafin da suka nuna. Abin ƙirgawa shi ne yawan sit dabam-dabam, ba yawan mahaɗai ba, domin mahaɗi 300 daga gindin shafukan sit guda bai kai biyar daga gidaje biyar ba. Rahoton yana jinkiri kuma ba ya nuna komai da komai, don haka a riƙe nasa jerin a gefe. In an sami mahaɗi, a buɗe shafin a duba ko yana ɗauke da `rel="nofollow"`, alamar da ta fito a 2005, wadda tun 2019 Google ya ce yana ɗaukarta shawara ce ba umarni ba. Kada a koma ana damun edita ya cire ta. Mahaɗan Wikipedia duk haka suke, amma suna kawo masu karatu, cikinsu har da marubutan da za su nuno ka daga nasu shafin.

Sai a duba sashen `Performance` a ga ko shafin ya fara bayyana ga masu neman farashin hatsi a Zinder, ana kwatanta wata uku da wata ukun da suka gabata, ba yau da jiya ba. In mahaɗai sun shigo amma shafin bai motsa ba, a fara duba ko Google ya ma shigar da shi ta `URL Inspection`, domin alamar `noindex`, mai ce wa Google kada ya shigar da shafi, da mai gina sit ya manta bai cire ba ta isa ta ɓoye shi gaba ɗaya. In kuma an ga baƙin shafuka na shirme sun nuno ka ba ka nema ba, wannan yana samun kowa, kuma Google da kansa ya ce yawancin shafuka ba sa buƙatar kayan `Disavow`, wanda ake gaya wa Google da shi kada ya ƙirga wasu mahaɗai. Wurinsa shi ne in an taɓa sayen mahaɗai a baya kuma saƙon hukunci daga Google ya bayyana a sashen `Manual actions`. A nan sai a nemi masu shafukan su cire abin da za su iya cirewa, a yi watsi da ragowar ta `Disavow`, sannan a tura buƙatar a sake dubawa tare da bayanin abin da aka gyara.